Sharhin da ka bari a shafukan mutane: yadda ake zaƙulo shi a goge

Tambaya: Assalamu alaikum. Ina aiki a Jidda, shekara tara ke nan. Na buɗe Facebook tun 2012 ina Kano, kuma a zamanin ƙuruciya na zuba sharhi ba adadi a ƙarƙashin rubuce-rubucen mutane da shafukan labarai, musamman lokutan zaɓe. Kwanan nan wani abokin aiki ya nuna mini wani da na rubuta a 2015, kunya kamar in nutse. Na share abin da ke shafina, to na shafukan wasu fa, ta ina zan same su in goge? Ina kuma da wani tsohon asusu da na buɗe da layin Najeriya wanda ya daɗe da mutuwa.

Amsa: Wa alaikumus salam, ɗan'uwa. Kada ka wahalar da kanka da bin shafukan mutane ɗaya bayan ɗaya. Duk sharhin da ka taɓa rubutawa, ko a ƙarƙashin rubutun wa ya faɗa, Facebook ya ajiye shi ne da sunan asusunka, kuma akwai wuri guda da ya jera maka su da kwanan wata. Sunan wurin `Activity log`. In wayarka da Larabci take, za ka ga an rubuta `سجل النشاطات`. Ka shiga shafinka, ka taɓa ɗigo ukun nan da ke kusa da sunanka, zai fito a jerin. A kwamfuta ko a burauzar waya, wannan adireshin zai kai ka kai tsaye:

```
facebook.com/me/allactivity
```

Facebook ba ya gajiya da sauya wa maɓallai mazauni, saboda haka in ka ga tsarin wayarka ya ɗan bambanta da abin da zan faɗa, sunayen za ka riƙe, ba wuraren ba.

Kafin mu shiga ciki, bari a kawar da wasu dabaru da mutane ke yi suna zaton sun rufe ƙofa. Wanda ke da rubutu shi ke da ikon cewa wa zai ga abin da ke ƙarƙashinsa. In ya bar rubutunsa a buɗe ga kowa, sharhinka ma a buɗe yake ga kowa, ko da ka kulle shafinka, ko ka danna `Limit past posts`, don wannan rubutunka na kanka kawai yake taɓawa. Sauya suna ma ba ya raba ka da tsohon zance. Sharhin 2015 zai bayyana ne da sabon sunanka da sabon hotonka, wanda ka ɗauka da farar jallabiya a bakin teku. Gyara sharhi kuwa shi ne ya fi yaudara: ka goge zagin ka rubuta "Allah ya kyauta", amma kalmar `Edited` za ta maƙale a jikinsa, duk wanda ya taɓa ta zai karanta abin da ka fara rubutawa. Gogewa ɗungurungum ita ce kaɗai magani.

A cikin `Activity log` ɗin, nemi sashen `Comments`. Wani lokaci yana saman allo a fili, wani lokaci sai ka buɗe `Comments and reactions` tukuna. Za ka ga jeri daga na jiya zuwa baya, kowanne da sunan mai rubutun da abin da ka ce. Akwai matacin kwanan wata, `Filters` ko `Date`, inda za ka zaɓi shekara da wata. Da shi za ka yi aiki. Mai shekara goma sha wani abu a dandalin in ya ce zai yi ta jan allo da yatsa har ya isa 2015, manhajar za ta yi nauyi ta tsaya ko ta mayar da shi farko tun bai wuce shekara biyu ba. Abu na biyu da ake yawan mantawa: sharhin da ka yi a cikin guruf ba lallai ya fito a wannan jerin ba. Yana da nasa sashen a ƙarƙashin `Groups`, mai suna `Group posts and comments`. Mutum zai share na farko tas ya kwanta da murna, alhali mafi zafin maganganunsa suna can cikin guruf ɗin siyasa ko na muhawarar malamai. Haka nan in ka taɓa riƙe shafin kasuwanci ko na wata ƙungiya kana sharhi da sunan shafin, sai ka koma cikin shafin ka buɗe nasa `Activity log` ɗin daban.

Shawarata kada ka goge ko ɗaya tukuna. Ka fara sauke kwafin sharhinka gaba ɗaya. Dalili biyu ne. Na farko, sharhi ba kamar rubutun shafinka ba ne da ke zama kwana 30 a kwandon shara kana iya dawo da shi. In ka goge sharhi ya tafi ke nan. A cikin dubban nan akwai ta'aziyyar da ka yi wa aboki, da addu'ar da ka yi wa wanda ya riga mu gidan gaskiya, ba duka za ka so su salwanta ba. Na biyu, jerin da ke cikin manhaja ba ya ba ka damar bincike mai kyau da kalma, amma fayil yana bayarwa.

Ga yadda ake saukewa. Ka je `Settings`, ka shiga `Accounts Center`, sai `Your information and permissions`, sai `Export your information` (a wasu wayoyin har yanzu `Download your information` ne). Kada ka nemi komai da komai, don hotuna da bidiyon shekara goma za su kumbura fayil ɗin a banza. Zaɓi abu biyu kawai: `Comments and reactions` da `Groups`. A wajen tsawon lokaci ka tabbata ka sa `All time`, domin sau da yawa yana zuwa a kan gajeren zango, mutum ya sauke na shekara ɗaya ya ɗauka shi ke nan. A wajen nau'in fayil akwai `HTML` da `JSON`. In ba ka taɓa rubuta umarnin kwamfuta ba, ɗauki `HTML`: yana buɗewa a burauza kamar shafin intanet. Daga nan sai jira, wani lokaci mintuna, wani lokaci ya kwana. In sanarwa ta zo kada ka yi sanya, kwana huɗu ne aka ba ka ka sauke kafin ya ɓace ka sake nema. Ka kuma sauke shi a na'urarka, ba kwamfutar ofis ko ta shagon buga takardu ba, don duk abin da kake gudun a gani yana cikin fayil ɗin nan a tattare wuri guda.

Idan ka warware fayil ɗin, cikin foldar `comments_and_reactions` za ka tarar da `comments.html`, na guruf kuma yana cikin foldar `groups`. Buɗe shi a kwamfuta ka danna `Ctrl+F`. A nan ne Bahaushe ke da matsalar da wasu ba su da ita, wato ba ma rubuta kalma iri ɗaya. A 2013 wayarka ba ta da ƙ da ɗ da ɓ. Ka rubuta barawo, wata rana b'arawo, wata rana 6arawo, daga baya ka koma ɓarawo. Ƙarya ta zama karya ko qarya. In ka nemi kalmar da rubutunta na daidai, rabin abin da kake nema zai wuce ka. Dabarar ita ce ka yanke harafin farko ka nemi gindin kalmar: `arawo`, `arayi`, `arya`, `munafu`, `jahil`. Za ta kwaso wasu da ba ruwansu, amma gara haka da ta bari. In ka yi sharhi da Larabci bayan zuwanka Saudiyya, ka tuna ana musanya ة da ه a ƙarshen kalma, ana kuma barin hamza a kan alif, sai ka nemi tsakiyar kalmar. Bayan kalmomin zagi, ka bi sunaye: na 'yan siyasa, na malamai, na ƙabilu, na ƙungiyoyin addini, na ƙasashe, na wurin aikinka, da kalmomi irin su kafili da iƙama. Ka nemi `+234` da `+966` da `080` da `05` kuma, domin mutane da yawa sun taɓa ajiye lambar wayarsu a ƙarƙashin tallan aiki ko na rabon kyauta, ta zauna a fili shekara da shekaru. A ganina wannan ya fi tsohon zagi haɗari.

Wanda ya ɗauki `JSON` zai ci karo da wani abin mamaki. Duk inda akwai ƙ zai ga `Æ` da wani tarkace, inda akwai ɗ ko ɓ ya ga `É`, Larabci kuwa ya koma jerin `Ø` da `Ù`. Fayil ɗin bai lalace ba. Facebook ne ke rubuta kowane harafi da ba na Turanci ba a rarrabe gida biyu, sai an sake haɗa su. Wannan gajeren umarnin na Python yana haɗawa, ya tace, ya buga maka kwanan wata:

```python
import json, datetime
j = json.load(open("comments.json", encoding="utf-8"))
gyara = lambda s: s.encode("latin1").decode("utf-8")
nema = ["arawo", "arayi", "munafu", "jahil", "+234"]
for x in j["comments_v2"]:
    for y in x.get("data", []):
        r = gyara(y["comment"].get("comment", ""))
        if any(k in r.lower() for k in nema):
            print(datetime.datetime.fromtimestamp(x["timestamp"]), r)
```

In ya ce bai ga `comments_v2` ba, buɗe fayil ɗin ka dubi sunan da ke layin farko ka sa shi a madadinsa, don sukan sauya.

Fayil ɗin ba ya gogewa, nuni kawai yake yi. Abin da za ka ɗauka daga cikinsa shi ne rana da sunan mai rubutun, ka koma `Activity log` ka tace zuwa wannan watan. Mu ɗauki misali da irin naka. A ce fayil ya nuna sharhi 6,000 tun 2012. Ka bi kalmominka, ka fitar da guda 180 da ba ka so. Da ka jera ranakunsu a takarda za ka ga ba a warwatse suke ba, sun taru ne gungu-gungu: makonnin da ke kewaye da zaɓen 28 ga Maris 2015, da na 23 ga Fabrairu 2019, da zanga-zangar EndSARS ta Oktoban 2020, da zaɓen 25 ga Fabrairu 2023, sai wasu 'yan ranaku da aka yi wata taƙaddamar addini. To a irin waɗannan watanni, tsince ba ta da amfani. Wanda ya yi zagi uku a rana ɗaya da kalmomin da ka nema, ya yi wasu biyar da kalmomin da ba ka tuna ba. Ka buɗe Maris da Afrilun 2015 ka share duka. Sauran watannin da ke da ɗaya ko biyu, su ne za ka tsince da hannu.

A nan akwai wani ɗan tarko na agogo. Jidda tana gaban Kano da awa biyu. Sharhin da ka rubuta a Kano ƙarfe 11:30 na daren 28 ga Maris 2015, a cikin `JSON` lambarsa `1427581800` ce, kuma na'urar da ke kan agogon Saudiyya za ta karanta ta a matsayin 1:30 na daren 29 ga wata. Mafi yawan zafafan sharhi kuwa da dare ake yin su. Saboda haka in ka nemi abu a ranarsa ba ka gan shi ba, duba ranar da ke gaba da wadda ke baya kafin ka ce babu. In abin ya faɗo ƙarshen wata, sai ka buɗe wata mai bi masa.

Gogewar kanta ba wuya. Kowane sharhi yana da ɗigo uku a gefensa da `Delete`, akwai kuma ƙananan akwatuna da za ka yi wa alama da yawa ka danna `Remove`. Akwai akwatin `All` a sama, kuma shi ne ke ruɗa mutane. Ba duk sharhinka yake zaɓa ba, waɗanda suka riga suka bayyana a allo kawai yake kamawa. Ka danna, su tafi, ka sabunta shafin, wasu su fito. Ba dawowa suka yi ba, na ƙasansu ne suka hau. Kada kuma ka ja allo har ɗari biyar su bayyana ka ce za ka kwashe su a tashi ɗaya. Yawanci sai ya yi ta juyawa ya ce an samu matsala, wasu sun gogu wasu ba su gogu ba, ba ka san waɗanne ba. Ashirin da biyar zuwa hamsin a kowane zagaye ya fi tafiya lami lafiya. Yana iya neman kalmar sirrinka a tsakiya, wannan ba komai ba ne. In ka cika sauri zai iya dakatar da kai da saƙon `You're Temporarily Blocked`, ya ce kana amfani da abin da gaggawa. In haka ta faru ka ajiye wayar sai gobe, don naci yana iya tsawaita dakatarwar.

Yi lissafi ka gani ko da duka kake son sharewa. Sharhi 6,000 a hamsin-hamsin zagaye 120 ne. In kowane zagaye ya ci minti biyu, awa huɗu ke nan. Rabin awa bayan isha'i, kwana takwas ka gama. Na kawo lissafin ne saboda masu tallan manhajojin da ake liƙa wa burauza, masu cewa za su share maka komai da dannawa ɗaya. Irin wannan manhaja tana aiki ne a cikin asusunka a buɗe, abin da kake gani tana gani, har saƙonninka. Saurinta kuma shi ne ainihin abin da ke jawo dakatarwa, ga shi duk ranar da Facebook ya sauya tsarin shafi sai ta rikice ta danna abin da ba a sa ta ba. Wanda ya ce ka turo masa kalmar sirri da lambar da aka aiko maka ya yi maka aikin a kan riyal hamsin, wannan kam ko sallama kada ka amsa masa. Haka shagunan waya na Titin Falasɗinu: su gyara maka allo, amma wannan aikin na hannunka ne.

Idan har yanzu kana cikin wani guruf da kake son fita, ka share sharhinka tukuna sannan ka fita. Fita ba ta tafiya da abin da ka rubuta, kuma in guruf ɗin na sirri ne, da ka fita ba ka da idon da za ka koma ka duba ko abin ya gogu.

Duba ɗin ma yana da ƙa'ida. Kafin ka goge waɗanda suka fi damunka, kamar wanda abokin aikinka ya gani, buɗe shi a kwamfuta ka danna kwanan watan da ke ƙarƙashin sharhin. Adireshin da zai fito a sama yana ɗauke da `comment_id=` da wata doguwar lamba. Kwafe shi ka ajiye. Bayan ka goge, ka ba wani amintacce wanda ba ya cikin abokanka na Facebook ya buɗe a wayarsa, ya sauya tsarin sharhin daga `Most relevant` zuwa `All comments`, tunda na farkon ɓoye wasu yake yi. Abin da ya sa na ce wanda ba abokinka ba: mai shafi yana iya ɓoye sharhi ba tare da ya goge ba, kuma ɓoyayyen sharhi kai da abokanka kuna ganinsa, sauran jama'a ba sa gani. Idan kana son sanin abin da baƙo ke gani, idon baƙo za ka ara.

Yanzu abin da gogewa ba ta kaiwa gare shi. In sharhinka shi ne uwa, wato kai ka fara wasu suka amsa a ƙarƙashinka, da ka goge shi duk amsoshin za su bi shi. Amma in kai ma amsa ka yi a ƙarƙashin sharhin wani, naka kaɗai zai fita. Amsoshin da aka mayar maka za su zauna, da sunanka a farkonsu, wani ma ya maimaita abin da ka ce kafin ya rama. Mai karatu zai ga rabin faɗa ya gane sauran. A `Activity log` akwai sashen `Activity you're tagged in` inda za ka iya cire alaƙar sunan da shafinka, amma kalmomin na mai su ne, sai shi ko mai rubutun ne za su iya gogewa. Saƙo mai ladabi ga mai rubutun yakan yi aiki fiye da yadda ake zato: ka tura masa adireshin, ka ce tsohon zance ne kana neman alfarma a cire. Kada ka buɗe sabuwar muhawara a wurin, don sabon sharhi yana aika sanarwa ga mutanen da suka manta da zancen ya tashe shi.

Hoton allo kuwa babu mai iya goge shi daga wayar wani. Tunda a Saudiyya kake, ya kamata ka san dokar laifukan intanet ta 2007 ta tanadi ɗaurin da zai iya kai shekara ɗaya ko tarar da za ta iya kai riyal 500,000, ko duka biyun, kan ɓata sunan mutum ta na'ura. Kan abin da ya taɓa zaman lafiyar jama'a ko darajojin addini ko tarbiyya kuwa, har shekara biyar da riyal miliyan uku. Share tsohon shirme da kanka abu ne mai kyau, amma ba ya soke ƙarar da aka riga aka shigar. In wani ya riga ya kai ƙara a kan wani sharhi ko an kira ka a kansa, ka ga lauya kafin ka taɓa shi.

In ka saka wata jimla daga sharhin a Google cikin alamar zance ta fito, bayan ka goge tana iya ci gaba da fitowa na ɗan lokaci, domin Google tsohon kwafinsa yake nunawa. Akwai fom na neman ya sabunta:

```
search.google.com/search-console/remove-outdated-content
```

Sharaɗinsa abin ya riga ya bar shafin na asali. In yana nan, za a ƙi buƙatar.

Mai irin tarihinka da wuya a ce Facebook kaɗai ya yi sharhi. Na YouTube suna nan a jere, kowanne da alamar gogewa a gefensa:

```
myactivity.google.com/page?page=youtube_comments
```

Ɗaya-ɗaya ake goge su. In kana son su tafi duka, akwai gajeriyar hanya: ɓoye tasharka daga `Advanced settings` yana goge duk sharhinka da amsoshinka har abada, ko da ka sake buɗe tashar daga baya. Ka lura kowace tasha da nata jerin, in kana da fiye da ɗaya a imel guda. A Instagram ka shiga `Your activity` sai `Comments`, yana barin ka jera daga mafi tsufa ka zaɓi da yawa. A TikTok `Activity center` ne, sai `Comment history`. X ya fi su taurin kai, don shafinka ba ya nuna abin da ya wuce kusan 3,200 na baya-bayan nan, kuma babu gogewa a dunƙule. Bincike za ka yi da sunanka na yanzu:

```
from:sunanka filter:replies since:2015-03-01 until:2015-05-01
```

Kafin ka gama bin su, kunna `Protect your posts` yana rufe duk amsoshinka daga idon wanda ba ya bin ka. A Telegram kuwa ka kiyaye: goge asusu ba ya goge saƙonninka a guruf, suna zama a ƙarƙashin `Deleted Account`, don haka saƙonnin za ka fara bi.

Saura tsohon asusun, kuma shi ne mai wuyar. Daga sabon asusunka ba ka da iko a kan ko harafi ɗaya da wancan ya rubuta. A wurin Facebook mutum biyu ne. Dole sai ka shiga cikinsa. Fara da `facebook.com/login/identify`, ka sa tsohuwar lambar ko imel ko sunan da ke kan asusun, ka ga hanyoyin da zai ba ka. In akwai imel a jiki, ta nan za ka bi, ko da sai ka fara farfaɗo da imel ɗin. In ka tuna kalmar sirri, ko kana da tsohuwar wayar da ka saba shiga da ita a ajiye a gida Kano, gwada daga kanta ya fi sauƙi, domin Facebook ya san na'urar, alhali shiga daga sabuwar waya a wata ƙasa yana sa shi ya tsananta tambaya. Yana iya neman hoton katin shaida, kuma a nan ne laƙabi ke cin mutum: in sunan asusun irin su "Ɗan Gatan Arewa" ne, bai dace da fasfo ba.

Kada ka sa a ranka cewa layin yana nan yana jiranka. Kamfanonin waya suna sake sayar da lambar da ta daɗe ba a amfani da ita. In an yi shekaru, mai yiwuwa tana hannun wani, kuma duk lambar sirrin da ka nema a aika, wayarsa take faɗawa, da ita kuma zai iya shiga asusun. Sa wani a gida ya kira lambar. In ta shiga an ɗauka, ka daina neman a aika mata komai. Wannan darasin ya shafi asusunka na yanzu ma: layin Saudiyya a kan iƙamarka yake, ranar da ka yi fitar ƙarshe zai bi hanyar wancan, don haka ka sa imel mai rai a jikin asusun tun yau.

In Allah ya sa ka shiga, cire tsohuwar lambar shi ne farko, sai sauya kalmar sirri, sai sauke kwafi. A wannan asusun ba sai ka yi tsince ba, goge shi gaba ɗaya ya fi. Ka dai bambance `Deactivate account` da `Delete account`. Na farko dakatarwa ce, komai yana nan a ajiye, masu kula da guruf ma suna iya ci gaba da ganin sharhinka da sunanka, kuma da an sake shiga komai zai dawo. Na biyu shi ne ke tafiya da sharhin. Yana da kwana 30 na canza shawara, bayan haka share bayanan daga rumbunsu yana iya kai kwana 90. Cikin kwana 30 ɗin nan kada ka leƙa don ka ga ko ya tafi, ka sa wani ya duba maka da adireshin da ka ajiye.

In kuwa duk ƙofofin sun ƙi buɗuwa, abin da ya rage shi ne masu rubutun. Ka nemi sunan tsohon asusun a shafuka da guruf ɗin da ka san ka fi zama a wancan lokacin, ka tattara adireshin kowane sharhi da `comment_id=` ɗinsa, ka aika wa mai shafin ko mai kula da guruf ɗin a saƙo ɗaya, ba guda-guda ba. Ƙananan shafuka da guruf sukan amsa. Manyan shafukan labarai masu dubban saƙonni a rana ba kasafai suke amsawa ba, saboda haka ka zaɓi biyar ko goma mafi muni ka nema a kansu kawai.